Kusurwa takwas, awo biyu: gano kusurwar da ba a bayar ba idan layi ya ratsa layuka biyu faralel

A darussan yamma da ake yi wa yaranmu na ƙaramar sakandare a Agege da Idi-Araba da Mile 12, akwai wata tambaya ta joometiri da ke yawan tsayar da ɗalibi ko da ya iya lissafi. Za a zana layuka biyu a kwance, a ratsa su da wani layi a karkace, a rubuta 62° a lungu ɗaya, a sa x a wani lungun, a ce nemo x. Yaron ya iya cire 62 daga 180. Abin da bai sani ba shi ne ko cirewar ake bukata, ko kuwa x ɗin 62 ne kai tsaye. Sai ya yi canki, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya faɗi. Lissafin da ke cikin wannan babi bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Aikin duka yana wajen karanta zane: waɗanne layuka biyu ne faralel, wane layi ne ya ratsa su, kuma kusurwoyin da ake magana a kansu suna kan wannan layin ɗaya ko a'a.

Layuka faralel su ne miƙaƙƙun layuka biyu a kan shimfiɗa ɗaya waɗanda ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wanda ya tsaya a bakin sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan da ya bi ta Agege ya ga misalinsu: inda hanyar ta miƙe, ƙarafan biyu suna tafiya da tazarar milimita 1,435 a tsakaninsu. A takarda kuwa ido ba ya yanke hukunci. Ana nuna cewa layuka faralel ne da ɗan kan kibiya a jikin kowannensu, ko a rubuta AB ∥ CD a cikin tambayar. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, to ba a ce faralel ne ba, ko da sun yi kama da haka.

Zai fi kyau mai karatu ya ɗauki biro da takarda, domin wannan abu da hannu ake fahimtarsa. Ja layi a kwance, ka sa A a hagu, B a dama. A ƙasansa ja wani daidai da shi, C a hagu, D a dama. Sannan ka ja layi na uku a karkace, ya taso daga sama ta dama ya gangaro ƙasa ta hagu. Kansa na sama E, na ƙasa F. Inda ya yanke AB ka sa P, inda ya yanke CD ka sa Q. Yanzu kana da mahaɗa biyu, kowace da kusurwa huɗu: sama-dama, sama-hagu, ƙasa-dama, ƙasa-hagu. Takwas ke nan.

A ce kusurwar sama-dama a P, wato ∠EPB, ita ce 62°. Kafin a je ga layin ƙasa, mahaɗar P kaɗai tana ba da sauran ukun. ∠EPB da ∠EPA suna zaune gefe da gefe a kan miƙaƙƙen layi, jimlarsu 180°, don haka ∠EPA = 118°. ∠APQ tana fuskantar ∠EPB ta tsinin mahaɗar, su biyun daidai suke, 62°. ∠BPQ kuma 118°. Lura cewa har yanzu ba mu yi amfani da faralel ba. Waɗannan ƙa'idoji biyu suna aiki a duk inda miƙaƙƙun layuka biyu suka gicciye.

Abin da faralel yake ƙarawa abu ɗaya ne: mahaɗar Q kwafin mahaɗar P ce. Tunda AB da CD sun nufi fuska ɗaya, layin EF yana karkata a kansu da awo ɗaya. Ana iya gwada wannan da siririyar takarda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta: ka kwafi mahaɗar P, ka zame takardar a bisa layin EF ba tare da ka juya ta ba, har P ta hau kan Q. Layin AB da ka kwafa zai kwanta a kan CD daram. Sama-dama ta P ta hau sama-dama ta Q, haka sauran ukun. Kusurwoyin da suke wuri iri ɗaya a mahaɗa biyu su ne takwarorin juna, waɗanda ɗalibai ke kira korasfondin a aji, kuma daidai suke. Saboda haka ∠PQD = ∠EPB = 62°, ∠PQC = ∠EPA = 118°, ∠CQF = ∠APQ = 62°, ∠DQF = ∠BPQ = 118°.

Kusurwoyin saɓani, oltanet a bakin 'yan aji, su ne biyun da suke tsakanin layukan faralel amma a ɓangarori dabam na layin da ya ratsa, ɗaya a P ɗaya a Q. ∠APQ tana ƙasa-hagu a P, ∠PQD tana sama-dama a Q. Su ma daidai suke, kuma ba sai an haddace wannan a matsayin doka mai zaman kanta ba, domin daga abin da ya gabata take fitowa: ∠APQ = ∠EPB saboda suna fuskantar juna, ∠EPB = ∠PQD saboda takwarorin juna ne, to ∠APQ = ∠PQD. Ɗaya tagwayen saɓanin su ne ∠BPQ da ∠PQC, kowace 118°. Akwai kuma na ukunsu da ake yawan cakuɗawa da su, wato biyun da suke ciki amma a ɓangare ɗaya, kamar ∠BPQ da ∠PQD. Waɗannan ba daidai suke ba. Jimlarsu ce 180°, kamar yadda 118 da 62 suka nuna.

In ka duba zanenka yanzu za ka ga lambobi biyu kawai a wurare takwas: 62 sau huɗu, 118 sau huɗu. Duk matsattsun kusurwoyin awonsu ɗaya, duk buɗaɗɗun awonsu ɗaya, matsattsiya da buɗaɗɗiya kuma suna cika 180°. Wannan shi ne ma'aunin da ɗalibi zai riƙa duba amsarsa da shi. In an ba ka 62° kuma x tana a buɗe, ta wuce kusurwar sikwaya, amma ka samo 62, to ka ɓata hanya. Wuri ɗaya da wannan dubawa ba ta taimakawa shi ne inda layin ya ratsa kusan a tsaye, misali 88° da 92°, domin ido ba ya raba su. In ya ratsa a tsaye sak, duka takwas ɗin 90° ne.

Masu son sanin asali su sani cewa wannan kwafin da muka yi da takarda ba ƙaramin abu ba ne a tarihin lissafi. Iƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa batutuwa 28 na farko a joometirinsa ba tare da ya dogara da ginshiƙinsa na biyar ba, wanda ya shafi faralel. Da ya zo batu na 29, wato daidaiton kusurwoyin saɓani da na takwara a kan layuka faralel, dole ya jingina da shi. Ma'ana, daidaiton nan daga faralel ɗin kansa yake fitowa. A cire faralel, babu abin da ya rage na ƙa'idar.

A nan ne ya kamata a yi maganar haruffan nan da ake koyar da yara, wato F don takwara, Z don saɓani, C don na ciki a ɓangare ɗaya. Suna da amfani a makon farko, ba za a musa ba. Amma suna jawo ɓarna iri biyu. Ta farko, yaro ya saba ganin Z a tsaye da matsattsun lunguna, sai aka ba shi ∠BPQ da ∠PQC masu 118°, inda Z ɗin ta juya baya kuma ta miƙe, bai gane ta ba. Haka F takan kife, ko ta kwanta, idan layukan faralel ɗin a tsaye aka zana su. Ta biyu ta fi muni: yaro yana ganin Z a ko'ina ya ce kusurwoyin daidai suke, bai tambayi ko hannayen Z ɗin biyu faralel ne ba.

Ga zanen da ke tona wannan. Zana tarafiziyam ABCD, wato mai gefe huɗu da gefensa biyu kawai suke faralel: AB gajere a sama, A a hagu, B a dama, DC dogo a ƙasa, D a hagu, C a dama, AB ∥ DC. Ja layi daga A zuwa C. An ba ka ∠BAC = 40°, ∠ABC = 110°, ∠ADC = 75°. Ana neman ∠ACD da ∠DAC.

Layin AC ya ratsa AB da DC, su kuma faralel ne. ∠BAC tana tsakanin AB da AC, ∠ACD tana tsakanin DC da AC, a ɓangarori dabam na AC. Saɓani ne na gaskiya, don haka ∠ACD = 40°. A cikin alwatika ACD, ∠DAC = 180° − 75° − 40° = 65°. Yanzu dubi tarkon. A cikin alwatika ABC, ∠ACB = 180° − 110° − 40° = 30°. Idan ka bi D zuwa A zuwa C zuwa B da yatsa, ka zana Z cikakkiya, kuma ɗalibi da yawa zai rubuta ∠DAC = ∠ACB = 30°. Amsar gaskiya 65°, wadda ta fi ninkin abin da ya rubuta. Hannayen wannan Z ɗin AD da BC ne, su kuwa ba faralel ba ne. In aka ja su sama za su haɗu. Da siffar faralelogiram ce, inda gefe biyu-biyu suke faralel, da Z ɗin biyu duka sun yi aiki. Bambancin yana ga kan kibiyar da aka sa a AB da DC aka bar AD da BC babu.

Hanyar da ta fi haruffa tabbas ita ce duba hannayen kusurwa. Kowace kusurwa hannu biyu gare ta. Idan kana so ka danganta kusurwa biyu da ƙa'idar faralel, dole su yi tarayya a layi ɗaya, wanda shi ne mai ratsawa, sannan ragowar hannun ta farko da ragowar hannun ta biyu su zama layukan da aka ce faralel ne. Sunan kusurwar ma yana faɗa maka. ∠BAC da ∠ACD sun yi tarayya a AC, ragowar AB da CD, faralel ne, an wuce. ∠DAC da ∠ACB sun yi tarayya a AC, ragowar AD da CB, ba a ce faralel ne ba, a tsaya. Ɗalibin da ya saba yin wannan tambaya kafin ya rubuta lamba ya rabu da mafi yawan kurakuran babin.

Sharaɗin tarayya a layi ɗaya yana da nasa tarkon idan masu ratsawa biyu ne. Komo ga AB ∥ CD. Sa P a tsakiyar AB, sa Q da R a kan CD, Q ta hagu, R ta dama, ka haɗa PQ da PR, alwatika ta fito da tsininta a sama. An ba ka ∠APQ = 48° da ∠BPR = 67°. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ɗauki layi ɗaya ka manta da ɗayan, har ka rufe shi da rula in zai ruɗe ka. A kan PQ, ∠PQR = ∠APQ = 48°, saɓani. A kan PR, ∠PRQ = ∠BPR = 67°, saɓani. Ta saman, ∠QPR, ita ce abin da ya rage a miƙaƙƙen layin AB: 180° − 48° − 67° = 65°. Kuskuren da ake gani shi ne a ɗauki 48° a kai ta R, saboda ita ma matsattsiya ce kuma tana ɗaya gefen. Amma ∠APQ tana kan PQ, ∠PRQ tana kan PR, ba su yi tarayya a mai ratsawa ba. Maganar nan ta "awo biyu kawai" ta kowane mai ratsawa ce shi kaɗai. Layi biyu masu karkata dabam suna ba da awo huɗu. Wannan zanen kuwa shi ne hujjar cewa kusurwoyin alwatika suna cika 180°, domin 48 da 65 da 67 da ke cikin alwatikar su ne dai suka jeru a kan AB.

Sai tambayoyin da ake saka aljabara a ciki, waɗanda masu shirin WAEC da NECO suke cin karo da su. A zanenmu na farko, a ce ∠BPQ = (3x + 20)° kuma ∠PQC = (5x − 40)°, ana neman ∠PQD. Kafin a taɓa x, a tantance dangantakar. Sun yi tarayya a PQ, ragowar hannayen PB da QC suna kan layukan faralel, duka suna ciki, ɗaya dama ɗaya hagu. Saɓani ne, to daidai suke:

```
3x + 20 = 5x − 40
60 = 2x
x = 30
```

Kowace kusurwa 3(30) + 20 = 110°, kuma 5(30) − 40 ma 110 ne. ∠PQD tana gefen ∠PQC a kan layin CD, don haka 180° − 110° = 70°. Wurare biyu ake faɗuwa a nan. Wani zai samo x = 30 ya rubuta 30° a matsayin amsa, alhali kusurwa aka tambaya ba x ba. Wani kuma zai tara su ya ce 180 ne: 8x − 20 = 180, x = 25. Lambar ta fito tsaf babu ɓurɓushi, sai ya saki jiki. Ɗalibai suna da wata al'ada ta ɗaukar cewa in amsa ta fito cikakkiyar lamba to daidai ce, kuma wannan misalin ya nuna rashin amincin al'adar, domin hanyar daidai da ta kuskure duka sun ba da cikakkiyar lamba. Abin da ke tona kuskuren shi ne mayar da x cikin zanen: x = 25 yana ba da 95° da 85°, ɗaya a buɗe ɗaya a matse, alhali a zanen su biyun a buɗe suke. Minti ɗaya bai cika ba wajen wannan dubawar, kuma a ganina bai kamata malami ya karɓi amsar x ba tare da ita ba.

Tambayar da ta fi cancantar a daɗe a kanta ita ce wadda babu mai ratsawa a cikinta kwata-kwata. AB ∥ CD kamar da. P tana kan AB, Q tana kan CD, M kuma tana tsakanin layukan biyu, ta dama da P da Q duka. An haɗa PM da QM, suka yi gwiwa a M, tsinin yana duban dama. An ba ka ∠BPM = 35° da ∠DQM = 52°, ana neman ∠PMQ, wadda bakinta yake buɗe ta hagu. Ɗalibi zai nemi Z ya rasa, ya nemi F ya rasa, domin PM bai kai CD ba, QM bai kai AB ba. Babu layin da ya taɓa faralel ɗin biyu.

Mafita ita ce ka ƙara layi da kanka. Ja layi ta M wanda yake faralel da AB, da ɗigo-ɗigo don a san naka ne, ka sa N a kansa ta hagu da M. Tunda yana faralel da AB, kuma AB yana faralel da CD, to yana faralel da CD ma. Wannan layin ya raba ∠PMQ gida biyu. Na sama, ∠PMN, yana tarayya da ∠BPM a layin PM, ragowar hannayen MN da PB faralel ne, ɗaya hagu ɗaya dama: saɓani, 35°. Na ƙasa, ∠QMN, haka yake da ∠DQM a kan QM: 52°. Jimla ∠PMQ = 35° + 52° = 87°.

Ana iya tabbatar da shi ta wata hanya dabam, kuma yana da kyau ɗalibi ya ga hanyoyin biyu sun haɗu. Maimakon sabon faralel, ka ci gaba da jan PM har ya taɓa CD a T. Yanzu PT mai ratsawa ne cikakke, ∠PTQ = ∠BPT = 35°. A alwatika MQT akwai 52° a Q da 35° a T, to ∠QMT = 93°, kuma ∠PMQ tana gefenta a miƙaƙƙen layin PT: 180° − 93° = 87°.

Haɗarin wannan tambaya shi ne yaro ya fita daga aji da cewa "in ka ga gwiwa, tara biyun". Sai mai jarrabawa ya ba da zanen nan ɗin dai, amma ya rubuta kusurwoyin ɗaya gefen: ∠APM = 145° da ∠CQM = 128°. Mai hadda zai tara ya sami 273°. Lambar ba daga sama ta faɗo ba, awon bayan gwiwar ne, kusurwar da ta zagayo ta dama da M. Wadda ake nema ita ce 360° − 273° = 87°. Wanda ya ja layin MN ba zai faɗa nan ba, domin zai ga ∠APM da ∠PMN duka suna hagu da PM, a ciki, don haka cikon 180° suke yi: 180 − 145 = 35. Haka 180 − 128 = 52. In gwiwoyin biyu ne ko uku, ba abin da ya canja. Kowace gwiwa a ja mata nata faralel, a bi su ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Game da rubuta amsa, kowane mataki ya zo da dalilinsa a gefe, kuma dalilin ya ambaci layukan: ∠PMN = 35°, saɓani, PB ∥ NM. Ba don kyan takarda kawai ba. Rubuta sunan layukan yana tilasta wa ɗalibi ya duba ko faralel ne da gaske, kuma da mai Z ɗin tarafiziyam ya yi ƙoƙarin rubuta AD ∥ BC da ya ga babu inda aka ba shi haka. Kada kuma a ɗora furotakta a kan zanen jarrabawa don auna amsa, domin sau da yawa ba a zana shi bisa awo ba. Ana iya rubuta 35° a kusurwar da in ka auna za ta ba ka 45°. Zanen yana nuna matsayi, wane layi ne a sama, wace kusurwa ce a ciki, lambobin kuma daga ƙa'ida ake samo su. Inda aka ce ka zana da kanka ka auna, to ka tuna furotakta layin lambobi biyu gare ta, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma 62 da 118 wuri ɗaya suke zaune a jikinta. Ka fara ƙirga daga sifilin da ya kwanta a kan hannun kusurwar.

Ƙa'idar tana aiki ta baya ma, kuma ta nan ne take shiga hannun masu sana'a. Idan layi ya ratsa layuka biyu, aka auna aka tarar takwarorin kusurwoyi ko na saɓani daidai suke, to layukan faralel ne. In sun bambanta, ba faralel ba ne, kuma za su haɗu ta ɓangaren da kusurwoyin ciki biyu suka gaza 180°. Mai walda da ke haɗa ƙofar ƙarfe, da ƙarfe ɗaya a kwance a sama, ɗaya a ƙasa, da na tokare a karkace, yana iya yanka kwali daidai lungun da tokaren ya yi da ƙarfen sama, ya juya shi ya saka a lungun saɓani na ƙasa. In ya zauna ɗas, ƙarafan faralel ne. In akwai ɗan rata, to akwai karkata, kuma ƙaramar rata a kusurwa babba ce a tsawo: digiri ɗaya tak, a ƙarfe mai tsawon mita 2, yana kawar da bakinsa kusan santimita 3.5, abin da ya isa ya sa ƙofa ta riƙa gogar ƙasa ko ta ƙi shiga firam. Dalili ɗaya ne ya sa idan an tabbatar ƙarafan faralel ne, awon yankan bakin tokaren na sama shi ne na ƙasa, sai dai a juye. Ba sai an sake aunawa ba.

A jarrabawa wannan juyin yakan zo da kalmomin "nuna cewa AB ∥ CD", kuma a nan ɗalibai ke zagaye su cije wutsiyarsu. Za su rubuta cewa kusurwa kaza daidai take da kaza saboda saɓani ne, sannan su ce don haka layukan faralel ne. Sun yi amfani da abin da aka ce su tabbatar. Tsarin da ya dace shi ne a samo kowace kusurwa ta hanyar da ba ta bukatar faralel, wato miƙaƙƙen layi, ko fuskantar juna, ko alwatika, sannan a kwatanta su. Misali an ba ka ∠EPA = 118° da ∠PQD = 62°, babu kibiya a zanen. Daga miƙaƙƙen layin AB, ∠EPB = 180° − 118° = 62°. Ita da ∠PQD suna wuri iri ɗaya, sama-dama, kuma sun fito daidai, sai yanzu ne za ka rubuta AB ∥ CD. Da ∠PQD ta kasance 60° maimakon 62°, da ∠BPQ da ∠PQD sun tashi 118 + 60 = 178°, sun gaza 180 da digiri biyu, kuma layukan za su haɗu can ta dama, ɓangaren B da D.